Yadda ake nuna wa Suno baiti da amshi

Tambaya: Malam, na rubuta waƙar biki na sa a Suno, manhajar nan da ke rera waƙar da aka rubuta mata. Na rubuta "Amshi:" a saman amshin, sai na ji muryar ta rera kalmar, kuma amshin ya fito da karin baiti. Ina na yi kuskure?

Amsa: Duk abin da ka zuba a akwatin `Lyrics` tsirara, manhajar tana ɗaukarsa abin rerawa ne. Alamar sashe kuwa sai an sa ta cikin baka mai kusurwa, a layinta ita kaɗai, kuma da Turanci, don da shi ta fi ganewa: `[Verse]` shi ne baiti, `[Chorus]` amshi. Waƙar kanta ka bar ta da Hausarta.

```
[Verse 1]
Rana ta fito, gida ya cika
Dangi sun zo daga nesa

[Chorus]
Amarya, sannu da zuwa (sannu da zuwa)
Gidanki ne, ki zauna
```

Ka lura da layin da na bari fayau tsakanin sassan biyu, yana taimaka mata ta gane inda baiti ya ƙare. Ka kuma lura da baka mai lanƙwasa. Abin da ke cikinta galibi murya ce ta biyu ke rera shi daga baya, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗi. Saboda haka kada ka sa umarni a cikinta, tana iya rera shi.

Sai dai alama kaɗai ba za ta raba maka karin amshi da na baiti ba. Idan tsawon layukansu ɗaya ne, kuma amsa-amonsu ɗaya, manhajar ba ta da abin da za ta kama ta bambanta su. Ka gajarta layukan amshi, ka sa kalma ɗaya tana dawowa. Kuma duk inda amshi zai dawo, ka sake rubuta shi cikakke, harafi da harafi, a ƙarƙashin sabuwar `[Chorus]`. Na sha ganin mawaƙa suna rubuta "sau biyu" don rage wahala, sai manhajar ta rera shi ko ta yi biris da shi. Wannan 'yar wahalar ta kwafa, a ganina, ita ta fi komai gyara waƙa.

`[Bridge]` sashe ne da kari ke sauyawa kafin amshin ƙarshe. Sau ɗaya ya isa, bayan amshi na biyu, layi biyu zuwa huɗu masu sabuwar magana. Ka rufe da `[Outro]`.

Ko ka yi komai daidai, wani lokaci za ta tsallake alama. Tana ba ka waƙa biyu a kowane gwaji, to ka saurari duka biyun. In ɗaya ce ta kauce, sake gwadawa kawai. In duka biyun sun kauce a wuri ɗaya, koma ka duba baka da tsawon layukan wannan sashen.