Me ya sa eya-kwandishan ba ya jin umarnin Arduino ɗina?

"Na kwafi siginar rimot ɗin eya-kwandishan da Arduino don ya riƙa kunna shi ƙarfe 2 na rana, amma ko motsi ba ya yi. Na talabijin kuwa ya yi aiki. Ina matsalar?"

Malam, ina zargin siginar da ka kwafa guntuwa ce. Rimot ɗin talabijin yakan aika gajeren saƙo, kamar bit 32. Na eya-kwandishan kuwa, duk maɓallin da ka danna sai ya aika komai a dunƙule: kunnawa, digirin sanyi, ƙarfin fanka. Saƙon kan haura bit 100, ma'ajiyar laburaren `IRremote` ta cika, wutsiyar ta yanke. A wutsiyar nan lambar tantancewa take zama, in babu ita na'urar watsi take yi da saƙon.

Don faɗaɗa ma'ajiyar, sa wannan a saman `#include` ɗinka:

```
#define RAW_BUFFER_LENGTH 600
```

Sannan ka saita rimot yadda kake so, misali digiri 24, ka kashe, ka danna kunnawa sau ɗaya gaban mai karɓar sigina `TSOP38238`. Kwafi sau biyu. In tsawon biyun ya zo ɗaya, kuma bai kai bakin ma'ajiyar ba, ka samu cikakke. Aika shi da `sendRaw` a kan 38 kHz. Na kashewa ma daban za ka kwafa.

Ni abin da ya wahalar da ni a Mabera ƙwan aikawa ne. Na jona shi kai tsaye, ko mita biyu bai kai ba, sai da na sa masa taransista `2N2222`. Duba ta kyamarar waya, za ka ga yana ƙyaftawa.

Agogo kuwa, yadda ake ɗauke mana wuta a Sakkwato, nemi `DS3231` mai batirinsa, in ba haka ba ƙarfe 2 ɗinka zai koma tsakar dare.