Buhun gyaɗa nawa zan matse kafin in fara ganin riba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma bara na ɗauki injin matsar mai bashi. Ina matse buhu 4 a wata, kaya ba sa kwantai, amma in wata ya ƙare sai in ga jarin yana raguwa. Ga lissafina na turo. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Na duba takardarki, kuma abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne kin jera kuɗaɗen da kike kashewa a layi ɗaya, alhali iri biyu ne, kuma halinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai waɗanda za ki biya ko kin kunna inji ko ba ki kunna ba: hayar shago naira 10,000, biyan bashin inji 30,000, albashin yarinyar da ke taya ki 20,000. Naira 60,000 ke nan suna jiranki duk ƙarshen wata. Mu kira su tsayayyun kuɗi. Sauran kuwa buhu suke bi, in ba a sauke buhu ba ba za su taso ba: gyaɗar kanta 120,000, kuɗin mota 2,000, itacen suya 3,000, man inji 4,000, sai gishiri da yaji da leda da robobi 3,000. Kowane buhu yana cin 132,000.

Na auna da buhu ne maimakon lita, domin mai da tunkuza daga buhu ɗaya suke fitowa, ba yadda za a yi ki samu ɗaya ba ɗaya. Buhunki yana ba ki lita 35 a kan 2,800, wato 98,000, ƙuli-ƙuli kuma 46,000. Jimla 144,000. Ki cire 132,000, saura 12,000.

A nan yawancin masu sana'a suke yin kuskure, su kira wannan 12,000 ɗin riba, har a taɓa ta a yi cefane. Ba riba ba ce tukuna, gudummawar da buhu ya kawo ce don a biya waccan 60,000. Ki raba 60,000 da 12,000, za ki samu 5. Sai kin matse buhu 5 kin sayar kafin ki tsaya ba riba ba asara. Ke kuma 4 kike yi, gudummawarsu 48,000, don haka duk wata naira 12,000 na fita daga uwar kuɗi ba ki sani ba. Buhu na shida ne zai fara ba ki 12,000 taki ta kanki.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙanƙantar gudummawar. A ce damina ta kusa, manoma na neman iri, buhu ya tashi daga 120,000 zuwa 126,000. Ƙarin 6,000 ne kawai, a kasuwa ma ba wanda zai ɗaga murya a kansa. Amma ya cinye rabin gudummawarki, ta koma 6,000, buhu 5 ɗin nan ya zama 10. Haka in aka haɗa ki da gyaɗa mai danshi ko mai ƙwaya marar cika, ta ba ki lita 33 maimakon 35, kin rasa 5,600 a buhu ɗaya. Shi ya sa nake roƙonki ki riƙa auna man kowane buhu ki rubuta, kada ki dogara da kallon jarka. In kuwa gudummawar ta kai sifiri ko ta yi ƙasa da haka, ƙara yawan aiki ƙara asara ne. A lokacin sai dai a ɗaga farashi ko a dakata.

Abu biyu ban gani a takardarki ba. Na farko ladan wahalarki: in kin yanka wa kanki 24,000 a wata, tsayayyun kuɗi sun zama 84,000, buhun da ake nema ya koma 7. Na biyu man da ake ɗiba a yi miyar gida da ƙulin da yara ke ci, ki rubuta su kamar an sayar miki. Ranar da kika gama biyan inji ma kada ki share layinsa gaba ɗaya, ki bar wani abu na gyara da na sayen sabo, domin ƙarfe yana cinyewa.

Kafin ki ƙara buhu, ki tabbata akwai mai sayen ƙarin kayan a farashin nan, kuma yarinya ɗaya za ta iya aikin. In sai kin ɗauki ta biyu, 60,000 ta tashi, sai a sake rabawa. Wannan watan ki gwada buhu 6, ki turo mini adadin litar da kowanne ya bayar da kuɗin da ya shigo hannu, ban da na bashi.