Fanken farko yana ƙonewa, na ƙarshe yana shan mai

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ina toya fanke na sayarwa kowace safiya a ƙofar gida, a unguwar Garin Malam, nan Damagaram. Kilo 2 na fulawa nake kwaɓawa, ina toyawa da itace a babban kasko da mai lita 2. Na farko sai ya yi baƙi a waje, cikinsa ɗanye. Na tsakiya yana kyau. Na ƙarshe kuma sai ya baje, ya yi fari-fari, ya sha mai. Da zafi ya shigo abin ya ƙara lalacewa. Yis ɗin ne ba shi da kyau, ko mene ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a sana'a. Ki bar zargin yis. Tunda na tsakiya yana fita da kyau, yis ɗinki lafiya lau yake, fulawarki ma haka. Abin da ke faruwa shi ne abubuwa biyu suna canzawa a hannunki yayin da kike tuya, ke kuma kina ɗaukarsu a matsayin yadda kika fara da su: zafin mai, da kaurin ƙullu.

Mu fara da lissafin aikinki, domin a nan maganar take. Fulawa kilo 2 da ruwanta da sukarinta za su ba ki ƙullu kusan kilo 4. Idan kowane fanke yana ɗaukar giram 35, wato abin da yatsu suka dumtsa ba tare da cika tafi ba, kina da fanke sama da 100. In kina zuba 10 a kowane zubi, kowane zubi kuma yana cin minti 6 ko 7 har da jiran mai ya dawo da zafinsa, kin ga tuyar za ta wuce awa guda. Duk tsawon wannan lokaci ƙullun yana cikin roba kusa da murhu yana ci gaba da tashi. Wanda kika ɗiba a zubin farko da wanda kika kankare a gindin roba ba abu ɗaya ba ne. Yis yana cinye sukarin da ke ciki, ga shi kuwa sukari ne ke ba fanke launinsa, shi ya sa na ƙarshe yake fitowa fari. Danƙon fulawar ma yana saki, ƙullun ya yi ruwa-ruwa, ya kasa riƙe iskar da ke cikinsa, sai ya baje a mai ya buɗe ƙofofi, man ya shige. Ki sansana robar wajen ƙarshen tuya, za ki ji tsami-tsami. A watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram yake haura digiri 40 da rana, dare ma ba ya sanyi sosai, wannan lalacewa tana zuwa da wuri ƙwarai.

Maganinsa ba wuya. Ki raba kwaɓin gida biyu, kilo ɗaya-ɗaya, ki kwaɓa na biyu bayan na farko da kamar minti 40, ta yadda zai gama tashi daidai lokacin da na farko ya ƙare. In hakan zai takura miki da asuba, ki kwaɓa gaba ɗaya amma ki raba roba biyu, ki kai ɗaya gindin randa ki lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane, kada ta matso murhu sai an zo kanta. Yis ma ki auna shi da yanayi. Da hunturu, kilo 2 na son babban cokali 2 na busasshen yis da ruwa mai ɗumi wanda yatsa zai zauna ciki ba ƙuna, don ruwan da ya kai digiri 60 kashe yis yake. Da bazara kuwa cokali ɗaya da rabi ya isa, ko ma ƙasa da haka, kuma da ruwan randa mai sanyi za ki kwaɓa. Kada ki bi agogo wajen sanin ya tashi. Da ƙullun ya ninka, samansa ya kumbura da ƙananan ƙwayayen iska, to ya yi. In kika ga tsakiyarsa ta fara lotsawa, ya wuce.

Sai kaurin kwaɓin tun farko. Ga kowane kilo na fulawa, ruwa mililita 800 zuwa 850 ne yake ba da fanke mai laushi da kuma zagaye. A kilo 2 ɗinki, ki cika gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ki zuba duka, sannan ki riƙe ƙaramin kofin shayi biyu a gefe kina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da hunturu fulawa a bushe take, za ta shanye su. Da damina wataƙila ɗaya ya ishe ta. Sukari giram 300 zuwa 350, gishiri ƙaramin cokali 3. Na san masu saye suna son zaƙi, amma in kika zarce da sukari, bayan fanken zai yi duhu tun cikinsa bai nuna ba, kuma ba ƙwarewar da za ta hana hakan.

Ki buga ƙullun da hannu sosai, minti 5 aƙalla, kina ɗagowa kina makawa a jikin roba, har ya yi sumul ya fara ja. Wannan bugun ne ke tayar da danƙon da zai riƙe iska, kuma mata da yawa a nan suke gajarta aiki. Gwajinsa kuwa a hannu yake: ki dumtsa ki ɗaga sama. Ƙullu mai kyau zai sauko a hankali, yana miƙewa kamar igiya kafin ya tsinke, cikin daƙiƙa 2 ko 3. In ya zube ta tsakanin yatsu nan take, ruwa ya yi yawa, fanken zai fito da wutsiyoyi, a baje, da mai. In ya maƙale a tafi sai kin yarfe shi, ya yi tauri, fanken zai yi nauyi, bayansa ya tsage, tsakiyarsa ta zauna cunkus. Duk gyaran da za ki yi, na ruwa ko na fulawa, ki yi shi kafin ki rufe roba. Bayan ya tashi, abin da ya halatta kawai shi ne ki kewaya da hannu sau ɗaya ki fitar da manyan kumfa.

Yanzu mai. Zafin da fanke yake so yana tsakanin digiri 170 da 175. Idan ƙullu ya faɗa a mai mai wannan zafi, ruwan da ke bayansa yakan zama tururi yana fita da ƙarfi, wannan fitar ce kike gani tana tafasa, ita ce kuma ke tare mai daga shiga kafin ɓawo ya kama. Mai ya sauka wajen 150, tururin ya raunana, ɓawo ya yi jinkiri, fanken ya daɗe yana jiƙa. Ya haura 190, ɓawo ya kama ya yi duhu cikin minti ɗaya, zafi bai kai tsakiya ba. Zubinki na farko ke nan: kin hura wuta, man yana zaune babu kome a ciki kina shirya faranti, harshen wuta na lasar kasko, har ya wuce kima. Wajen ƙarshe kuma itacen ya cinye, man ya ragu, ga gajiya, sai a tara sauran ƙullun a zuba da yawa don a gama.

In kin samu ma'aunin zafi na girki, alheri ne. In babu, ƙullun kansa zai faɗa miki. Ki tsinki ɗan kaɗan ki jefa. Ya nutse ya taso sama kafin ki ƙirga huɗu ko biyar, ƙananan kumfa na kewaye da shi, man ya yi. Ya kwanta a gindi shiru, ki jira. Bai ko nutse ba, ya hau ja nan take, ko kin ga hayaƙi na tashi daga man, ki janye itace ki ba shi minti biyu, ko ki ƙara sabon mai ludayi guda ya kwantar da shi. Wannan gwaji ba na farkon tuya kaɗai ba ne. Ki maimaita shi kafin kowane zubi har idonki ya saba, ɗan tsinken ƙullu ba asara ba ne.

Kaskonki shi ne abin da na fi so ki canza. Lita 2 a kasko mai faɗi ba zurfi gare su, fanke yana taɓa gindi inda ƙarfe ya fi zafi, sai ya fito da baƙin tabo a gefe guda. Kuma mai kaɗan saurin zafi gare shi, saurin hucewa gare shi, ƙullu 10 kawai ya isa ya kayar da zafinsa. Ki nemi tukunya mai kaurin gindi, irin ta dalma da ake samu a Kasuwar Dole, mai faɗin kamar santimita 24. Lita 3 a cikinta za su ba ki zurfin yatsu huɗu, kuma man ya tsaya a rabin tukunya ko ƙasa, don kada ya tumbatsa kan wuta. Za ki ce kuɗin mai ya ƙaru. Na ranar farko ne kawai. Wanda fanke ke sha kullum shi ne ainihin kuɗin da ke fita daga ribarki, kuma shi ne zai ragu. Wutar kuma ki bar itacen ya fara zama garwashi kafin ki fara, ki riƙe sanda biyu ko uku sirara da za ki riƙa turawa da kin zuba ƙullu, ki ja su baya da fanken ya fara ɗaukar launi.

Wajen zubawa, ki jiƙa hannu da ruwa, ki matso ƙullun ta tsakanin babban yatsa da manuni, hannunki kusa da mai don kada ya fallatsa. Ki sa girmansu ya zo ɗaya, ki gama zubin da sauri don su nuna tare, kuma ki bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na fuskar man a buɗe. Minti na farko shi ne na launi. Fanke da ya taso aka bar shi, gefen da ke cikin mai yakan kama, na sama ya ci gaba da kumbura ya fi sauƙi, daga nan ko kin juya shi sai ya mirgino ya koma yadda yake, ki samu gefe ja gefe fari. Don haka da sun taso ki fara mirgina su da matsami, kina ɗan danna su cikin mai, kada ki jira gefe guda ya soyu. Cikin minti 4 zuwa 5 za su yi ja mai haske ko'ina. In sun kai wannan launi a minti 2, wuta ta yi yawa. In minti 7 ya wuce suna fari, ta yi kaɗan.

Ki tsame su cikin kwando mai ƙofofi, kada ki jibga su a roba ki rufe da zafinsu, tururi zai saki ɓawon. Ki kwashe ɓarɓashin da ke yawo a mai kafin zubi na gaba, don shi ne ke ƙonewa ya ɗiga baƙi a jikin fanke, ya kuma tsufar da man. Gobe in Allah ya kai mu, ki fasa ɗaya daga zubin farko da ɗaya daga na ƙarshe ki ajiye su gefe da gefe. In cikinsu duka ya bushe, ƙofofinsa ƙanana daidai wa daida, kuma kin matsa ya dawo, kin kama hanya. In na ƙarshen har yanzu yana da manyan ramuka da maiƙo, ki rage yis da rabin cokali jibi, ki kuma ƙara nisanta roba ta biyu daga murhu.