Piyawata, ruwan kwalba ko matata: wanne ya dace da gida mai mutum 8?

Tambaya: Mu 8 ne a gida, a Garin Malam. Pampo sai ya kwana uku bai zo ba, in ya zo kuma ja yake fara zubowa, sauran ranaku bido muke saye wurin 'yan garuwa. Yara suna yawan zawo. Jakar piyawata dala sittin muke ɗauka. Mu koma mata gaba ɗaya, ko kwalba, ko mu sayi matata? Wata uwa, Damagaram.

Amsa: Hajiya, a fara da lissafi. Da bazara babba yakan sha lita 3 ko fiye a wuni. Mu ɗauka gidanku lita 24 ne. Leda rabin lita ce, jaka leda 20, wato jaka biyu da rabi kullum: dala ɗari da hamsin a rana, jika 22 da rabi a wata. Kwalba mai lita ɗaya da rabi kuwa guda 16 za ku riƙa buɗewa kowace rana, don haka a bar ta ga tafiya ko marar lafiya. Shawararmu ita ce ki gyara ruwan bido a gida, piyawata ta zama ta kasuwa da makaranta.

Jan da kike gani yana da dalili. In an ɗauke ruwa, bututu yana zama fanko, sai ya zuƙo ruwan kwata da laka ta inda ya tsage. Ruwan farko shi ke kwaso wannan dauɗa. Ki tare shi don wanki har sai ya washe, sannan ki cika na sha.

Gyaran mataki biyu ne, kuma ba a juya su. Na farko cire laka. A bar bido ya kwana, a tsiyaye na sama, ko a zuba a matata mai kyandir, irin mai bokiti biyu ɗaya kan ɗaya. Kyandir ɗin yumɓu ne gasasshe mai ƙananan ƙofofi, yana tare ƙwan tsutsa da yawancin ƙwayoyin zawo, amma mafi ƙanƙanta, irin masu kawo shawara, suna iya wucewa. Kowane kyandir lita 1 zuwa 2 yake ɗigarwa a awa, saboda haka gida irin naki mai kyandir biyu ko uku zai nema, a cika ta da dare a sake da safe. In ɗigar ta ragu, ƙofofin sun toshe: a kwance shi a goge da soso mai tsabta da ruwa zalla, ba sabulu. Abin tsoro shi ne ranar da ruwa ya fara sauka da sauri ba gaira ba dalili. Wannan kyandir ya tsage ko robar gindinsa ta saki, ruwan yana bi ta gefe ba tacewa. Kafin ki biya kuɗi, tambayi mai shago ko yana sayar da kyandir shi kaɗai. Matata da ba a samun kayan canjinta bokiti ce mai tsada.

Na biyu kashe abin da ya rage. Ƙwayar Akwatab mai miligiram 67, ta farmasi, ɗaya ce ga lita 20 na ruwa garau. A jefa, a rufe, a girgiza, a jira minti 30. Ki duba girman bidonki, domin da yawa lita 25 ne. In haka ne kada a cika shi har wuya. Ɗan warin jabel bayan rabin awa alama ce maganin ya isa. A ruwa mai laka dauɗa ke cinye ƙarfinsa, shi ya sa tacewa ke gaba. Wasu kyandirori ma akwai gawayi a cikinsu, yana tsotse maganin in aka sa shi tun farko.

Randa ce ke ɓata aikin a gidaje da yawa. Ruwa ya gyaru, sai yaro ya tsoma moɗa har da yatsunsa. Ki ajiye na sha a bokiti mai murfi da ɗan pampo a ƙasa. In sanyin randa ake so, moɗa ɗaya mai dogon mariƙi, a rataye, ba a shan ruwa da ita. Bidon da cikinsa ya yi gansakuka a wanke shi da jabel tukuna.

Ita ma piyawata ba duka ce ɗaya ba, kuma hasken ruwa ba shaida ba ne. Ki nemi wadda inji ya liƙe, da sunan kamfani da adireshi a jiki, ki bar ta ƙullin hannu. A matsa ta, in tana tsatsafa a ajiye. Wadda ta wuni a rana takan yi ɗanɗanon roba. Bayan ledar ya sha hannu da ruwan ƙanƙarar kula, kuma nan yaro ke sa haƙori, don haka a ɗauraye kusurwar kafin a huda.

In akwai jaririn da ake dama wa madara, nasa ruwan a tafasa shi ko daga ina ya fito, har na kwalba, ya yi minti ɗaya yana zaɓaɓɓaka.