Hayar giros, net da tiriful net: wa zai biya kuɗin ɗawainiyar gini?

Mai koyon dillancin gidaje ya tambayi maigidansa: "Maigida, wani mai neman ofis a Wuse II ya kawo mini takardu biyu. Ɗaya hayar giros ce, naira miliyan 12 a shekara, ɗayar kuma an rubuta NNN, miliyan 8.5. Ba ta biyun ce mai araha ba?"

Kada ka yi gaggawar ce masa e, ɗana. Kowane ginin kasuwanci yana cin kuɗi ta hanya uku ko da mai haya ko babu: harajin gini, inshora, da kula da ginin, wato dizal na janareto, masu gadi, shara, famfon ruwa da gyaran lif. Sunayen nan, waɗanda daga Amurka suka zo mana, suna faɗa maka ne wanda zai ɗauki wannan nauyi.

A giros, mai haya ya biya kuɗi dunƙule guda ya huta, mai gini ne zai ji da ukun, don haka tun farko ya cusa su cikin farashi. A net kuwa ana rage kuɗin haya, sai a ɗora wa mai haya nauyin ɗaya bayan ɗaya. Net ɗaya, ya biya haraji. Net biyu, haraji da inshora. Tiriful net, wanda ka gani an rubuta NNN, duka ukun a kansa suke.

To, ɗauko biro mu yi lissafi da alƙaluman misali. A ce filin da ake bayarwa haya a ginin nan murabba'in mita 1,000 ne, ofishin mutuminka mita 100. Kasonsa kashi 10 cikin ɗari ke nan na duk abin da ginin ya ci. A ce haraji miliyan 3 ne a shekara, inshora miliyan 2, kula da gini miliyan 35, jimla miliyan 40. Rabonsa miliyan 4. Haɗa da miliyan 8.5, ya zama 12.5. Ka ga wadda ka kira mai araha ta fi ɗayar tsada da naira 500,000. Lura kuma da inda nauyin yake: haraji da inshora tare naira 500,000 kawai suka ɗora masa, sauran miliyan 3.5 daga net na uku suka fito. Shi ya sa a nan Abuja rigimar kusan kullum a kan sabis caji take, wato kuɗin kula da gini, domin dizal ne ke cinye kaso mai tsoka.

Idan dizal ya tashi, kula da gini ya koma miliyan 45, mai NNN zai biya miliyan 13.5, mai giros kuwa yana nan a kan 12 har wa'adi ya cika. Amma mai ginin da ya ga yana asara sau da yawa yakan fara rage awannin janareto, don haka ko a giros sai ka sa an rubuta daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa za a ba da wuta.

Inda aka fi cutar mai haya shi ne wajen rabo. Duba takardar ka ga da me ake raba kuɗin: da duk filin ginin, ko da wanda ke da mutane a ciki kawai? Idan mita 200 babu kowa, aka raba da 800, kason mutuminka ya tashi daga kashi 10 zuwa 12.5, wato miliyan 5 maimakon 4. Yana biya wa shagunan da ba nasa ba. Ka tsaya kai da fata a raba da 1,000.

Sai batun manyan gyare-gyare. Kula da gini daban, sake rufin da ya mutu ko sayen sabon janareto daban. A tiriful net na yau da kullum, rufi da gangar jikin gini sukan zauna a wuyan mai gini, amma akwai takardun da ke tura har waɗannan ga mai haya. Haka kalmar haraji: a fayyace ko harajin gini na ƙaramar hukuma ake nufi, ko har da kuɗin ƙasa na shekara-shekara da mai takardar mallaka ke biyan hukumar babban birnin tarayya. Abin da aka rubuta a sakin layi shi ke aiki a kotu, sunan da ke saman takarda ba ya kare kowa. Da yawa a garin nan sukan ce giros, sai ka tarar da sabis caji a gefe.

Kafin mutuminka ya sa hannu, nemo masa ainihin abin da ginin ya kashe a shekaru biyu da suka wuce, da rasit. A rubuta iyakar ƙarin da za a iya yi a shekara, a kuma rubuta cewa a ƙarshen kowace shekara za a yi lissafi a mayar masa da rarar abin da ya biya.