Hasasiyya kashi huɗu ce, kuma ɗaya tana kisa cikin mintuna

Tambaya: Salam likita, ni ɗalibar aikin jinya ce a Gadarif. Ƙanwata ta yi baƙin lalle na biki, bayan kwana biyu hannun ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa. A satin kuma an yi wa wata mata allurar fenisilin a gabana, ko minti biyar ba a yi ba ta fara haki ta zube. Duka an ce hasasiyya ce, wato alaji, aka ba su firiton. Wallahi na tsorata, kuma har yanzu na kasa rarrabe kashi huɗun nan na hasasiyya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴata. Ki fara da duba agogo, wato tsakanin shigar abu jiki da fitowar alama lokaci nawa aka ɗauka, yawanci wannan zai nuna miki hanya a rabon kashi huɗu da masana Gell da Coombs suka yi a 1963.

Na ɗaya zan bar shi sai ƙarshe. Kashi na biyu garkuwar jiki ce, IgG ko IgM, ke manne wa ƙwayar halitta kai tsaye ta fasa ta, kamar a ƙara wa mutum jinin da ba rukuninsa ba ya kama zazzaɓi da ciwon baya fitsari ya yi duhu, ko jaririn uwa mai jini nagetif ya zo da shawara. Na uku kuma garkuwar ce ke dunƙulewa da baƙon abu su yi ta yawo a jini har su maƙale a ƙoda da gaɓɓai da fata. Ke da kike yankin noma za ki gan shi, manomi maciji ya sare shi an yi masa allurar maganin dafi ya warke ya tafi gida, bayan sati ɗaya zuwa biyu ya dawo da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai da ƙuraje, sai a hau yi masa maganin maleriya don babu wanda ya tambaye shi tarihin.

Ƙanwarki tana kashi na huɗu. Nan ƙwayoyin T na garkuwar jiki ne ke aikin, su kuma sai sun taru, shi ya sa ake ɗaukar awa 48 zuwa 72, daidai lokacin da muke jira kafin a karanta gwajin tarin fuka na fata. Ba ganyen lalle ba ne ya yi mata haka, sinadarin rinin gashi ne da ake zubawa don ya yi baƙi wuluk. Firiton zai ɗan rage ƙaiƙayi kawai, man shafawa na siteroid take buƙata, a kuma duba ko ƙurajen sun kama ƙwayar cuta. Ta bar baƙin lalle da rinin gashi har abada, don na gaba yakan fi na farko muni.

To, matar fenisilin ita ce ta sa na zauna rubuta wannan amsa. Kashi na ɗaya ne, garkuwar IgE ta sa ƙwayoyin halitta sun zubo sinadarin histamin da ire-irensa lokaci guda, jijiyoyin jini suka saki, hawan jini ya faɗi, maƙogwaro ya fara toshewa. Kullum sai na ga wannan kuskure, mutum na shiɗewa a gabanka ka tsaya kana zuƙo haidirokotizon da firiton, wai adirenalin tana da haɗari ga zuciya. Wa ya koya muku haka don Allah? Haidirokotizon sai ya yi awanni kafin ya fara aiki, firiton kuwa ba ya buɗe maƙogwaro ba ya ɗaga jini, ƙaiƙayi kawai yake kwantarwa. Mai wannan hali mintuna gare shi.

Maganin adirenalin ce, ita ce ta farko. Babba ana ba shi miligiram 0.5, wato rabin mili na kwalbar 1:1000, a cikin tsokar cinya ta gefen waje, in bai farfaɗo ba bayan minti 5 a sake. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 miligiram 0.3. A tsoka na ce, kada wani ya ɗauki kwalbar nan ya tura ta a jijiya, haɗarin da ake ta faɗa daga nan yake zuwa. Ki kwantar da shi ki ɗaga ƙafafu, in numfashi ya gagara a jingina shi, amma kada ki bari ya miƙe tsaye wai zai je banɗaki, mutane sun mutu a haka. Sai iskar oksijin da ƙarin ruwa. Kuma kada ki tsaya jiran ƙuraje, wasu fatarsu ba ta nuna komai. Ko ya warware a riƙe shi a sa ido na awanni, don abin yakan dawo.

Abin da ke ƙona min rai, masu yin allura a ɗaki da bayan kantin magani, ba su da adirenalin ko kwalba ɗaya, sun dogara da ɗan gwajin da suke ɗigawa a fata, alhali gwajin kansa yana iya kayar da mutum. A wasu wuraren kuma akwai ta amma an kulle a kabad, makullin yana aljihun wanda ya tafi cin abinci. Ku ji tsoron Allah, amanar rai ce a hannunku. Ke dai gobe in kin shiga aiki, kafin ki taɓa sirinji, ki tambaya ina adirenalin take, ki gan ta da idonki, ki duba ranar lalacewarta. Matar nan kuma a rubuta mata a kati cewa fenisilin ba ta karɓe ta ba, har da amoksilin da ampisilin, ta riƙa nuna shi duk asibitin da ta je.