Littafi ya ce 48, banki ya ce 31

Tambaya: Ina sana'ar sari, kuma na nemi rancen ƙarin jarin juya kaya. Banki ya ce in kawo sitatimen na wata 6 da inbois da littafin ciniki. Littafina ya nuna cinikin miliyan 48, asusun kuma miliyan 31 ne suka shiga. Ƙanena ke tsare shagon, wasu kwastomomi ta asusunsa suke biya. Wani ya ce in riƙa zagaya kuɗi a asusun na wata 2 don ya yi kauri. In yi?

Amsa: Alhaji, kada ka yi. Kuma ka daina kallon banki, matsalar a shagonka take. Ka bar kuɗin ciniki suna bi ta asusun da ba na kasuwancin ba, wata da watanni, ba ka taɓa zama ka ƙirga nawa suka bi ta can ba. Ban ce ƙanenka ya ci ko sisi ba. Abin da na ce shi ne, ko ya ci ko bai ci ba, yau ba ka da hanyar sani, jami'in rancen ma ba shi da ita. Shi kuɗin da bai gani a asusun kasuwanci ba, a wurinsa ba a yi cinikinsu ba.

Fara da 31 ɗin nan da kake taƙama da su, don na tabbata ba duka ne ciniki ba. Ɗauki sitatimen, bi kowane shigar kuɗi layi-layi, ka rubuta lambar inbois ɗin da ya biya a gefensa. Wanda ba shi da inbois ka ja masa layi. Bari in ƙaddara abin da na saba gani: aron miliyan 2 daga aboki, miliyan 1.5 da kai da kanka ka turo daga wani asusunka, da dubu 500 na tiransifar da ta ƙi tafiya ta dawo. Miliyan 4 sun fita, saura 27. Haka jami'in zai yi, gara ka riga shi.

Wannan aikin yana da cin rai, domin kuɗi ba sa shigowa yadda aka rubuta su. Kwastoma ɗaya zai tura dunƙule ya biya inbois uku, wani ya biya inbois ɗaya a kashi huɗu, wani kuma ya sa yaronsa ya tura, suna ya bambanta. Cinikin na'urar kati sau da yawa a haɗe yake faɗowa, wani lokaci sai washegari, bayan an zare caji, don haka da rahoton na'urar za ka gwada shi, ba da rasit ɗai-ɗai ba. Kayan da ka sayar ranar 30 ga wata aka biya ranar 2 ga na gaba ba ɓata suka yi ba. In ka gama, juya aikin: bi inbois ɗaya bayan ɗaya ka nemi kuɗinsa a sitatimen. Bi na farko yana tona kuɗin da ba ciniki ba ne, na biyu yana tona cinikin da kuɗinsa bai iso ba.

Sai lissafin abin da ya kamata a ce ya shigo. A ce a farkon watannin 6 kana bin mutane miliyan 3, ka yi cinikin 48, a ƙarshe kana bin su 8. Haɗa 3 da 48, cire 8, ka karɓi 43 ke nan. Cire miliyan 1 na kayan da aka dawo da su, da ragi, da cajin na'ura, saura 42. Idan ka taɓa ɗibar tsabar kuɗin ciniki ka biya masu kawo maka kaya ba tare da sun shiga banki ba, a ce miliyan 6, kuma kana da rasit ɗinsu, saura 36. Asusu ya nuna 27. Giɓinka na gaskiya miliyan 9 ne, ba 17 da ka gani da farko ba, kuma ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Ka ce wa ƙanenka ya ciro sitatimen ɗinsa na watannin nan 6, ku zauna tare ku bi shi kamar yadda ka bi naka. Na san nauyin bakin da ke cikin wannan. Jingina abin ga banki, ka ce takardun rance ne suka buƙata, kuma gaskiya ce. Duk kuɗin da ya shigo daga kwastoma, a nemo inbois ɗinsa, sannan a nemo inda ya tafi: an sayo kaya da shi, an ba ka a hannu, ko yana nan kwance. Wataƙila miliyan 7 su fito sarai, 2 su ƙi fitowa. Waɗannan 2 ɗin kada ka ƙirƙira musu takarda. Rubuta su a matsayin waɗanda ba a gano ba, ka warware su a gida. Idan kuwa ya fara hanya-hanya kan kawo sitatimen, to ka sami amsar da ta fi rancen muhimmanci.

Dubi abin da sakacin nan ke jawo maka. Mai ba da rancen jarin juyawa yana auna kwana nawa kuɗinka ke yi a hannun mutane kafin su dawo. Ciniki 48 a wata 6 miliyan 8 ne a wata, bashin miliyan 8 da kake bin mutane kuwa na kwana 30 ne, abin da babu laifi. Amma idan 27 kaɗai ya yarda da su, cinikinka ya koma miliyan 4.5 a wata, bashin nan ya zama na kusan kwana 53. Kasuwanci ɗaya, amma a takarda ka zama ƙaramin ɗan kasuwa da ba ya iya karɓo kuɗinsa, kuma a kan wannan zai yanka maka rancen.

Shawarar zagaya kuɗi kuwa, na taɓa zama da wanda ya bi ta. Wata 2 shi da abokansa biyu suna jefa wa juna kuɗi. Jami'ar rancen ba ta daɗe a kan takardun ba ta gane: kuɗaɗe ne cif-cif marasa ɗoriya, daga mutum biyu kullum, suna shiga da safe suna fita kafin yamma zuwa inda suka fito. Ta duba ɓangaren fitar kuɗi, ta ga ciniki ya ninka amma sayen kaya bai motsa ba. Ta tambaye shi abin da yake sayarwa da ba ya saye. Bai sami rancen ba, cinikinsa na gaskiya ma aka daina yarda da shi. Ba wa banki bayanan ƙarya don karɓar rance zamba ce, tana iya kai mutum kotu.

Daga gobe a cire lambar asusun ƙanenka daga shago, kowane biya ya shiga asusun kasuwanci, kwastoma ya rubuta lambar inbois a bayanin tiransifa. Tsabar kuɗi ta shiga banki tukuna kafin a biya kowa. Idan rancen zai iya jira, bari wata 3 zuwa 6 su taru a haka sannan ka nema. Idan ba zai jira ba, kai lissafin nan a shafi ɗaya, daga 48 zuwa 27, kowane layi da takardarsa, har da sitatimen ɗin ƙanenka idan ya amince. Ka sa a ranka za su iya ƙin lissafa miliyan 7 ɗin nan, don haka ka nemi adadin da 27 za su iya biya.